Baƙon da ya shigo ta bayan gida

Mu uku ne muke riƙe da wata ƴar tasha a YouTube, inda muke kawo farashin kayan gona na kasuwannin jihar Maradi: hatsi, dawa, wake, gujiya da aya. Ɗayanmu ne ke yawon kasuwa da salula yana ɗauka, ɗaya yana haɗa bidiyon, na ukun kuma shi ke kula da abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Ba gidan rediyo ba ne mu, ba mu da kayan aiki na kirki. Yau muna so mu ba ku labarin yadda muka kusa raba wa da ƙane, da gyaran da muka yi bayan nan, don mun san da yawa cikinku kun buɗe tasha ko kuna shirin buɗewa.

Da kaka, cikin watan Oktoba, muka saki bidiyo mai suna "Farashin hatsi na wannan mako". A ciki mun ce tiyar hatsi tana dala 100, wato sefa 500. Buhu mai tiya 40 ke nan ya kama jika 20. Bidiyon ya yi kwanakinsa, muka manta da shi. Cikin watan Mayu, ana tsakiyar bazara, sai wani ya tono shi ya jefa a wani rukunin WhatsApp na ƴan ci-rani, daga nan ya yi ta yawo. Wani bawan Allah da ke neman kuɗi a Abijan ya gani, ya yi lissafinsa, ya aika wa ƙanensa jika 60 ya ce a sayo wa gida buhu uku. A lokacin tiya ta kai sefa 800. Jika 60 ba ta wuce tiya 75 ba, ko buhu biyu ba su cika ba. Da ƙanen ya faɗa masa haka, sai ya ce ƙarya ne, ai ga masu bidiyo sun faɗi farashin wannan mako, ya ci masa kuɗi ne.

Ƙanen ne ya nemo mu. Ya samu mai yawon kasuwarmu yana ɗaukar hoto a rumfar masu awo, ya ce masa: "Malam, ku ne masu bidiyon ga? To ku kira yayana ku gaya mishi gaskiya, don ya ce ni ɓarawo ne gaban iyayenmu." Mun kira, mun yi bayani, yayan ya ba da haƙuri. Amma da muka zauna da dare muka sake kallon bidiyon da idon wanda bai san mu ba, sai muka ga mutumin bai yi wauta ba. Sunan bidiyon ya ce "wannan mako". Mai magana bai faɗi wata ko shekara ba. Abin da kawai ke nuna tsufansa shi ne ɗan ƙaramin rubutun nan na Faransanci da ke ƙasa, `il y a 7 mois`, wanda mai kallo a ƙaramar salula ba lalle ya kula da shi ba, in ma yana karanta Faransancin.

Kafin wannan rana, mu a tunaninmu baƙo ta ƙofar gida yake shigowa: ya buɗe tasha, ya ga sunanmu da hotonmu, ya zaɓi sabon bidiyo. Da muka duba YouTube Studio, wurin da ke nuna inda masu kallo suke fitowa, sai muka tarar mafi yawansu daga waje suke zuwa, kuma WhatsApp ne a kan gaba. Waɗanda suka bi ta shafin farko na tashar ƴan kaɗan ne. Baƙonmu ta katangar baya yake faɗowa, tsakiyar wani tsohon bidiyo da wani ya tura masa, bai san ko su wa ke magana ba, bai san yaushe aka yi ta ba. In za a yi masa maraba, to a nan inda ya faɗo za a yi masa.

Abin da ke wurin kuwa shi ne sharhin da ake kafewa a sama. Kowane bidiyo yana da damar guda ɗaya tak. Ka rubuta sharhi a ƙarƙashin bidiyonka, ka taɓa ɗigo ukun da ke gefensa, ka zaɓi `Épingler`, sai ya zauna a saman duk sauran, da alamar cewa mai tasha ne ya kafe shi. In ka kafe wani daga baya, na farkon ya sauka. Wanda ya nemi maɓallin bai gani ba, galibi tasharsa ce ba ta samu izinin manyan ayyuka ba tukuna. Sai an tabbatar da lambar waya, sannan ko tasha ta daɗe tana aiki ba tare da laifi ba, ko mai ita ya nuna takardar shaida, ko ya ɗauki ɗan bidiyon fuskarsa. Mu lambar waya da daɗewar tashar suka wadatar da mu.

Sharhin farko da muka kafe ya ɓaci, kuma laifinmu ne. Mun fara da sallama, da godiya, da addu'a ga iyaye da malamai, sannan can ƙasa muka ce farashin ya tsufa. To a salula, akwatin sharhi a rufe yake zuwa, layi ɗaya ko biyu kawai ke leƙowa a ƙarƙashin bidiyo. Ko an buɗe shi, dogon sharhi yankewa yake yi, sai an taɓa `Lire la suite` kafin a ga sauran. Abin da baƙo ke gani shi ne sallamarmu da godiyarmu, gargaɗin kuma yana ɓoye. An ɗan yi gardama a tsakaninmu, don babbanmu yana ganin fara magana ba sallama rashin tarbiyya ne. Muka ce masa sallama tana cikin bidiyon, da murya, inda kowa zai ji ta. Da ƙyar ya yarda.

Ga yadda sharhin yake yanzu. Layin farko shi ne ranar da aka ɗauki farashin da sunan kasuwar, da manyan baƙaƙe. Layi na biyu yana cewa farashi yana canzawa kowane mako, ga inda za a samu na baya-bayan nan. Layi na uku yana faɗin irin kuɗin da muke lissafi da shi. Wannan na ukun kada ku raina shi. Mu nan in aka ce "ɗari" a kasuwa, dala 100 ake nufi, sefa 500. Mai kallo daga Katsina ko Jibiya in ya ji "ɗari", naira ce za ta zo masa a rai. Ɗan boko a Yamai kuma zai iya ɗaukar sefa 100. Kalma ɗaya, lissafi uku. Saboda haka muke rubutawa ƙarara cewa kuɗin sefa ne, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Daga ƙarshe sai mintocin kowane kaya, kamar `2:10` wake, `4:35` gujiya. In aka rubuta lokaci haka a sharhi, shuɗi yake zama, mutum ya taɓa ya tsallaka kai tsaye. Mai mega kaɗan da wake kawai ya dame shi ba sai ya kalli minti takwas ba. Mun ji tsoron hakan zai rage mana lokacin kallo, kuma ya ɗan rage. Amma wanda ya samu abin da ya zo nema cikin minti ɗaya, shi ne muke sake gani mako mai zuwa.

Layi na biyun nan ya ba mu wahala kafin mu gane dabararsa. Da farko adireshin sabon bidiyo muke sawa. Mako na zagayowa sai sabon ya zama tsoho, sai an bi tsofaffin bidiyoyi ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa. Ga shi kuma in ka gyara sharhin da aka kafe, sauka yake yi daga sama, sai ka sake kafe shi. Mai kula da sharhinmu ya manta da haka sau da dama, muka yi makonni muna zaton gargaɗi yana nan alhali ya nutse cikin sauran. Mafita ita ce muka tara duk bidiyoyin farashi a jeri guda, muka tsara shi sabo a sama, sai muka sa adireshin jerin a kowane sharhi. An rubuta sau ɗaya, an huta. Ku lura dai, wannan a dogon bidiyo yake aiki. A gajerun nan na `Shorts`, tun 2023 adireshin da aka sa a sharhi ba ya taɓuwa, rubutu ne kawai. Haka nan duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne, sharhi a rufe yake gaba ɗaya, ba abin da za a kafe.

Akwai wani amfani da ba mu yi tunaninsa ba sai da ɓarna ta taso. Wani ya buɗe asusu da suna mai kama da namu, ya ɗauki hotonmu, yana bin masu tambaya yana ba su lamba, wai su turo kuɗi a saya musu hatsi da araha. Tsofaffin masu kallo sun gane ba mu ba ne. Baƙo ba shi da yadda zai gane. Mun ɓoye asusun daga tashar, amma irinsu ba sa ƙarewa. Sai muka ƙara layi ɗaya a kafaffen sharhi: ba ma sayar da kaya, ba ma karɓar kuɗin kowa. Mai kwaikwayo zai iya satar suna da hoto, amma ba zai iya kafe sharhi a bidiyonmu ba, wannan na mai tasha ne shi kaɗai.

Duk da haka, sharhi rubutu ne, kuma mutanenmu da yawa saurare suke yi, ba karatu ba. Wasu ajami suka iya, wasu salular tana aljihu suna jin murya suna aiki. Dole muka koma faɗin kwanan wata da sunan kasuwa da baki, cikin daƙiƙun farko, muka kuma sa su a sunan bidiyon. Sannan mai magana yakan ce: "In wani ne ya turo maka wannan, duba rubutu na farko da ke ƙasa, ko ka sa yaro ya karanta maka." Wanda kuma ya sauke bidiyon ya tura shi ta WhatsApp ko Xender, sharhi ba ya bin sa. Muryar ce kaɗai ke tafiya tare da shi.

Sai bidiyon maraba, wanda a Studio ake samu ƙarƙashin `Personnalisation`, da sunan `Bande-annonce de la chaîne`. Shi ne ke zama a saman shafin farko na tasha, kuma waɗanda ba su yi abone ba ne ake nuna wa. Waɗanda suka riga suka yi, akwai wani gurbi daban da za ka zaɓa musu wani bidiyon. Gaskiya mun ɓata masa lokaci fiye da yadda ya cancanta. Na farkon da muka yi ya haura minti huɗu: kiɗa, hotunan kasuwa daga nesa, tarihin yadda muka haɗu, da rubutu mai yawo a fuska. Da muka duba zanen da ke nuna inda mutane ke barin bidiyo, layin ya faɗi tun kafin a gama kiɗan. Kuma da muka gwada kallonsa a 144p, yadda mai tattalin mega ke yi, rubutun duk ya dagule, ba ya karantuwa.

Wanda ke zuwa shafin farko ba ɗan yawo ba ne. Ya riga ya kalli bidiyo ɗaya, ya ji daɗinsa ko ya yi shakka, sai ya taɓa sunanmu don ya ga ko su wane ne. Tambayoyinsa ba su da yawa: me kuke kawowa, daga ina, wace rana, kuma don me zan yarda da ku? Sabon da muka yi bai cika minti ɗaya ba. Mai yawon kasuwarmu ne tsaye gaban masu awo, fuskarsa a fili, yana cewa kowane mako muna kawo farashin hatsi da wake da gujiya, daga bakin masu sayarwa muke ji, ba jita-jita ba, ga ranar da muke saki, kuma ba ma karɓar kuɗin kowa. Ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, ana ganin tiya a hannun mai awo. Ba mu sa farashi ko ɗaya a ciki ba, don bidiyon maraba zai shekara a wurin, kuma mun riga mun ga abin da tsohon farashi ke jawowa. Masu kallonsa har yanzu kaɗan ne in aka gwada da bidiyoyin mako. Amma cikin kaɗan ɗin nan, waɗanda ke yin abone sun fi na kowane bidiyo yawa, kuma Studio yana nuna wa mutum abone nawa kowane bidiyo ya kawo.

Sharhi da bidiyon maraba aikinsu ranar farko ne. Abin da ya fi wuya shi ne kwana shida da ke tsakanin bidiyo da bidiyo, balle makon da ba mu saki komai ba saboda ruwa ya yanke hanya ko salula ta lalace. Wanda ya yi abone jiya, in ya yi mako biyu bai ga komai ba, ya manta da mu. Nan ne sanarwar tasha ke shigowa, wadda ake gani a sashen `Posts`, da can ana kiransa `Communauté`. A da sai mai abone 1000 ke samun ta, a 2021 aka sauko zuwa 500, daga baya aka daina ɗaure ta da yawan abone. Rubutu ne ko hoto ko ƙuri'a, yana fitowa a salular mutane tsakanin bidiyoyi, kuma megan da yake ci bai kai na bidiyo ba ko kusa.

Mu iri biyu muka tsaya a kai. Na farko hoto ɗaya ne a tsakiyar mako, in wani farashi ya motsa sosai: tiya cike da wake, da lamba babba a kanta, da kwanan wata a jikin hoton. A jikin hoton, ba a ƙasansa ba, don mutane ɗaukar hoton fuskar salula suke yi su tura, rubutun ƙasa ya zauna a baya. Na biyu sanarwar uzuri ce. Makon da ba za mu fito ba, muna faɗa tun da wuri, da dalili, da ranar dawowa. Wani mai shago a Tasawa ya taɓa ce wa ɗayanmu: "Da ban ga rubutun ga ba, da na ce kun bar aikin." Shi kuma mutum ne da yake jiran mu kafin ya yanke shawarar sayen kaya.

Ƙuri'a kuwa ta yaudare mu sau ɗaya. Mun tambayi mutane abin da suke so mu ƙara, muka rubuta zaɓi da boko, sai farashin salula da babura ya yi nasara da nisa. Muka yi bidiyo biyu a kai, masu kallonmu na kullum ba su kula su ba. Dalili a fili yake da muka yi tunani. Sai wanda ya shiga da asusunsa ke iya jefa ƙuri'a, sai kuma wanda ya iya karanta zaɓin. Matasan birni ke nan. Manomi da mai awo da ɗan ci-rani, waɗanda dominsu muke yi, da yawa ta adireshin da aka turo musu suke kallo, ba su shiga da asusu ba, ba su iya abone ko sharhi ko ƙuri'a. Yanzu ƙuri'ar hoto muke yi, wadda ke ɗaukar hoto har huɗu: hatsi, wake, gujiya, aya. Wanda bai iya karatu ba ya gane kayan da idonsa. Ko ita ma ba ma ɗaukar ta hukunci, sai mun haɗa da abin da ake faɗa wa mai yawonmu a rumfunan kasuwa.

In kuna so ku san ko duk wannan yana aiki a tasharku, kada ku tsaya kan yawan kallo, don bidiyo ɗaya da ya yi yawo a WhatsApp zai iya ninka shi ya kuma sauka cikin kwana uku. Ku shiga sashen `Audience` a Studio, inda ake raba sabbin masu kallo da masu dawowa jefi-jefi da masu dawowa a kai a kai. Layin sabbi hawa da sauka yake yi kamar farashin tumatir. Na masu dawowa shi ne abin dubawa: in bayan kowane cincirindon baƙi ya ɗan ɗaga ya zauna, wasu sun tsaya ke nan. Akwai kuma alamar da ba ta bukatar Studio. Da can, tambayar da ta fi yawa a ƙarƙashin bidiyonmu ita ce "na yaushe ne?" da "naira ko sefa?" Yanzu ta ragu ƙwarai, kuma in baƙo ya yi ta, sau da yawa wani tsohon mai kallo ne ke riga mu amsawa, ya ce masa ya duba rubutun sama.

Tsofaffin bidiyoyin da muka saki kafin rikicin buhu uku, mun bi su duka mun kafe musu gargaɗi, mun canza musu suna mun sa wata da shekara. Ya ɗauke mu dare huɗu, da rezo mai zuwa yana tafiya. Na watan Oktoban nan mun yi shawarar goge shi, sai muka bar shi, don masu son gwada farashin bana da na bara suna amfani da shi. Kwafin da aka riga aka sauke kuwa yana nan a salular mutane da tsohuwar muryarsa, ba kwanan wata, ba sharhi. Watan jiya ma wani ya turo wa ɗayanmu shi daga Agadas, yana tambaya ko gaskiya ne hatsi ya sauko dala 100.